Rangwamen Rashin Neman Diyya: Dalilinsa, Yadda Yake Zubewa, da Ko Ana Iya Kare Shi

  Gaisuwa ga mutanen Gusau, da na Tsafe, da na Bunguɗu, da direbobin da ke kan hanya rediyo na kunne.

Yau zancenmu na inshorar mota ne. Ba dukanta ba, lungu ɗaya kawai za mu shiga. Akwai ragin da kamfani ke yi wa mai mota idan shekara ta zagayo bai nemi a biya shi diyya ba. A takardar inshora za ku ga an rubuta haruffa uku, NCD. Mu a nan za mu kira shi rangwamen rashin neman diyya.

Tambayoyi uku za mu bi. Me ya sa ake bayar da shi? Ta yaya yake zubewa? Kuma ana iya kare shi? A gyara zama.

Kafin mu shiga, sai mun raba inshora biyu, don kada wani ya je ofis gobe yana neman abin da ba nasa ba.

Ta farko ita ce ƙaramar inshora, wadda doka ta wajabta. Ita ce 'yan sanda ke tambaya a hanya, musamman tun 1 ga Fabrairun 2025 da suka tsananta bincike. Wannan ba ta gyara motarka. Wanda ka yi wa ɓarna take biya. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ita ta yanka farashinta. Tun 1 ga Janairun 2023, motar gida naira 15,000 ce a shekara, bayan da can 5,000 ce. Keke Napep 5,000. Babur 3,000. Farashi ne yankakke. Ba a nan rangwamenmu yake ba.

Ta biyu ita ce cikakkiyar inshora. Ita ce ke gyara taka motar, ta biya idan an sace ko ta ƙone, sannan ta biya wanda ka yi wa ɓarna. Kuɗinta ya danganta da darajar motar. To a nan rangwamen yake zaune. In maimaita: rangwamen rashin neman diyya na mai cikakkiyar inshora ne.

Tambaya ta farko ke nan. Me ya sa kamfani zai rage wa kansa kuɗi?

Ba don kyauta ba ne. Ranar da ka fara zuwa, kamfani bai san ka ba. Ya ga motarka, ya ga lasisinka, ya ji shekarunka. Amma bai taɓa zama a gefenka kana tuƙi ba. Bai sani ba ko kai ne mai haƙuri a shataletalen Lalan, ko kai ne mai sheƙa gudu daga Kwatarkwashi zuwa Tsafe don kada yamma ta yi maka a hanya. Saboda haka sai ya saka maka farashin kowa da kowa. Mai natsuwa da mai ganganci, kuɗi ɗaya.

Kamar mai shago ne da baƙon abokin ciniki. Ranar farko ba ya sakin jiki. In aka shekara ana hulɗa ba a ji kanku ba, sai ya fara sassauta maka. Haka kamfani yake karanta direba, shekara bayan shekara. Kowace shekarar da ta wuce ba ka nemi diyya ba, shaida ce ta ƙaru a kanka.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ne kamfanoni ba su cika faɗa da babbar murya ba. Ƙananan buƙatu suna ba su wahala. A ce fitilar baya ce ta fashe. Sai an buɗe fayil. Sai an tura mai duba ɓarna, wataƙila daga Kaduna ko Kano. Sai an yi ciniki da makanike. Wani lokaci ɗawainiyar ta kusa kai kuɗin fitilar. In mai mota ya san zai yi asarar rangwamensa, da kansa zai je wajen mai gyara ya biya daga aljihu. Kamfani ya huta.

Na uku, mutumin da ke da abin asara ya fi kula. Wanda ya tara rangwamen shekara huɗu ba ya son ya ga ya zube a kan ribas ɗin da bai duba madubi ba.

Ni a ganina dalili na biyun nan ya fi nauyi. Shekara ɗaya ba hatsari ba ta isa ta nuna gwanin direba ba, domin yawancin masu mota, har da masu ganganci, suna ƙare shekara lafiya. Amma tun shekarar farko ake ba da kaso mai tsoka. Me ya sa? Don a ɗaure ka, ka riƙa tunani sau biyu kafin ka kawo ƙaramar buƙata.

To, nawa ne rangwamen? Hawa-hawa yake. Tsarin da aka daɗe ana amfani da shi a Nijeriya ga motar gida hawa biyar ne. Bayan shekara ɗaya, kashi 20 cikin 100. Bayan biyu, kashi 25. Bayan uku, sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku. Bayan huɗu, kashi 40. Bayan biyar, rabi. Daga nan ba ƙari. Motocin haya da na ɗaukar kaya nasu bai kai haka ba. Abin da zai yi aiki a kanka dai shi ne wanda aka rubuta a takardarka, don haka ita za ka buɗe.

Yanzu ku saurara da kyau, ga wani abu da ya shafi mu 'yan Nijeriya. A sanarwar nan ta NAICOM da ta fara aiki a Janairun 2023, an ce kuɗin cikakkiyar inshora ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba, bayan an cire kowane irin ragi. Bayan an cire kowane irin ragi. Ma'ana akwai ƙasa, kuma rangwame ba ya huda ta. In motarka ta naira miliyan 6 ce, ba za a sauko maka ƙasa da 300,000 ba, ko ka shekara ashirin ba ka goge ko bango ba. In kuwa tun ranar farko a kashi 5 aka sayar maka, to an riga an kai ka ƙasa. Babu sauran wurin sauka. Mutum ya sani tun wuri, kada ya zo ƙarshen shekara yana cewa an ci amanarsa.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan rangwamen da ake yi wa mai cikakkiyar inshorar mota in bai nemi diyya ba. Mun zo tambaya ta biyu. Ta yaya yake zubewa?

Babbar hanya ita ce kamfani ya biya kuɗi a kan takardarka, kuma bai samu ya karɓo su daga wani ba. Ku lura da abin da na ce. Ban ce sai in kai ne da laifi ba.

Ga misali. Ka ajiye motarka a gefen titi a Tudun Wada, ka shiga masallaci. Ka fito ka tarar wani ya murƙushe maka ƙofa ya gudu. Ba ka ma cikin motar. Ka je kamfani, an gyara maka. Rangwamenka ya taɓu. Me ya sa? Domin kuɗi sun fita daga asusunsu, kuma babu wanda za su bi. Haka in ɗan kabu-kabu ne ya faɗa maka, ba shi da inshora, ba shi da abin biya. Haka in sata ce. Haka in ruwan damina ne ya shiga inji. Kamfani ba alƙali ba ne da zai tambayi wa ya yi laifi. Tambayarsa ita ce: mun biya, ko ba mu biya ba? In mun biya, mun karɓo, ko ba mu karɓo ba?

Shi ya sa abin da ka yi a mintunan farko bayan karo yake da tasiri. In wanda ya buge ka yana da inshora ta gaskiya, kamfaninka zai gyara maka, sannan ya bi nasa kamfanin ya karɓo kuɗinsa. In ya karɓo duka, a ƙa'ida rangwamenka yana nan. Don haka ka ɗauki lambar motarsa. Ka ɗauki hoton yadda motocin suka tsaya kafin a matsar da su. Ka ɗauki hoton takardar inshorarsa. Ka samu rahoton 'yan sanda. Kuma kana iya duba ko takardar tasa ta gaskiya ce a wayarka, ta danna *565*11# ka bi umarnin da zai fito, ka saka lambar motar.

Na san al'adarmu. Ana yin karo jama'a za su taru, a ce a yi haƙuri, tsautsayi ne, kowa ya gyara tasa. Sulhu abu ne mai kyau. Amma ka san abin da kake yafewa. In ka ce wa mutumin ka yafe, ka sallame shi, sannan washegari ka kai wa kamfani takardar gyara, ka toshe musu hanyar bin haƙƙinsu. Rangwame zai tafi, kuma suna iya yi maka gardama a kan biyan ma gaba ɗaya.

Bari mu yi lissafi ɗaya, a hankali. Wanda ke da biro ya ɗauko. Alƙaluman misali ne, don a ga yadda abin ke tafiya.

Wani ma'aikaci ne, yana zaune a Bunguɗu, kullum yana shigowa aiki Gusau. Motarsa ta naira miliyan 6 ce. A ce asalin farashin kamfaninsa kashi 10 ne, wato 600,000 a shekara. Ya yi shekara biyar lafiya, ya kai hawa na sama. Yanzu rabi yake biya, 300,000.

Ran nan da safe, yana ƙoƙarin kauce wa rami, sai ya daki bayan wata tifa da ke tsaye. Bamba ta tsage, fitila ɗaya ta fashe, bonet ya lotsa. Ya kai wa fanel bita, aka yi masa kuɗi 250,000 har da fenti.

A takardarsa akwai wani kaso da shi zai fara biya daga aljihunsa a kowace ɓarna kafin kamfani ya ɗora. A ce nasa 50,000 ne. Ke nan in ya nemi diyya, abin da zai shigo hannunsa 200,000 ne. Ku riƙe wannan: 200,000.

To me zai rasa? Ya danganta da irin takardarsa, domin iri biyu ne.

Iri na farko, buƙata ɗaya ta mayar da kai ƙasa gaba ɗaya. Haka ake yi a Indiya, misali. In irin wannan ce tasa, baɗi zai biya 600,000 maimakon 300,000. Ƙarin 300,000 ke nan. Shekara ta gaba 480,000, ƙarin 180,000. Sai 450,000, sai 400,000, sai 360,000, kafin ya koma inda yake. In ka tara duk ƙarin nan na shekara biyar, 790,000 ne. Ya karɓi 200,000, ya biya 790,000. Wannan ba ciniki ba ne. Gara ya biya fanel bita da kansa.

Iri na biyu, buƙata ɗaya ta sauko da kai hawa biyu kawai. Wannan ya zama ruwan dare a Birtaniya. In haka ne, daga rabi zai koma sulusi. Baɗi 400,000, ƙarin 100,000. Shekara ta gaba 360,000, ƙarin 60,000. Jimla 160,000. Ya karɓi 200,000, ya rasa 160,000. A nan neman diyya ya ɗan fi, amma da kaɗan.

Kun ga mota ɗaya, karo ɗaya, amsa biyu. Bambancin layi ɗaya ne a cikin takarda. Yawancinmu kuwa takardar tana cikin aljihun mota, ba a taɓa warware ta ba tun ranar da aka karɓo.

Amma kada a wuce gona da iri. In ɓarnar ta naira miliyan 2 ce, ko motar ta tashi daga aiki, ba a tsayawa lissafin rangwame. Don irin wannan ranar ka sayi inshora. Haka in an ji wa mutum rauni, ko an rasa rai. Nan take ka sanar da kamfani. Kuma ko ƙaramin karo ne da ka yi niyyar gyarawa da kanka, sharaɗin takarda shi ne ka sanar. Sanarwa daban, neman biya daban. Ka rubuta musu cewa kana sanarwa ne kawai, ba ka neman komai. Domin wanda kuka rabu da shi lafiya a bakin titi yana iya dawowa bayan wata biyu da takardar asibiti.

Akwai kuma hanyoyin da rangwame ke zubewa ba tare da ko ƙwarzane ba. Ɗaya ita ce barin inshora ta mutu. Ƙa'ida a ƙasar nan, wadda aka tsananta tun 2013, ita ce in ba ka biya ba, ba ka da kariya. In ka bari ta yanke ta daɗe, kamfani na iya ɗaukar ka sabon shiga. Wata ita ce canza kamfani hannu rabbana. Kafin ka tashi, ka karɓi wasiƙa daga tsohon kamfaninka mai nuna shekarun da ka yi ba ka nemi diyya ba. Ita za ka miƙa wa sabon. Sannan rangwame na mai takarda ne, ba na mota ba. In ka sayar da motarka, wanda ya saya ba ya gadonsa. Kai ne za ka nemi a mayar maka da shi kan sabuwar. In kuma ɗanka ko direbanka ne ya yi karo da motar, a kan takardarka za a rubuta.

(Ɗan kiɗa)

Mun zo tambaya ta uku, ta ƙarshe. Ana iya kare shi?

Ana iyawa, amma da iyaka. Akwai wani ƙari da wasu kamfanoni ke sayarwa. Ka ɗora wani kuɗi a kan na shekara, su kuma su yi alkawarin cewa buƙata ɗaya, wani lokaci biyu a cikin 'yan shekaru, ba za ta sauko da kai ba. Galibi sai wanda ya tara shekara huɗu ko fiye ake ba wa. Ba kowane kamfani ne ke da shi ba. In ma ejan ya ce maka akwai, maganar baki ba ta isa ba. Sai ka gan shi a rubuce, an lissafa sau nawa aka yafe maka, kuma cikin shekara nawa.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Abin da aka kare kaso ne, ba farashi ba. In sake faɗa. Kaso aka kare, ba farashi ba. Rabinka yana nan, amma rabin nawa? Kamfani na iya duba cewa ka yi karo, ya ɗaga asalin farashinka, sannan ya cire maka rabin daga sabon. Ko kuma darajar motar ce ta tashi. Motar ma'aikacin nan ta miliyan 6, in kasuwa ta mayar da ita miliyan 8, mafi ƙarancin abin da za a karɓa ya zama 400,000. Rangwamensa bai taɓu ba, amma aljihunsa ya ji. Wannan ruɗani ba a nan kaɗai yake ba. A Birtaniya sai da hukumar kula da gasa a kasuwa ta tilasta wa kamfanoni, daga 2016, su riƙa bayyana wa mai saye cewa kariyar ba ta hana farashi tashi.

To ya cancanci saye? Mu koma ga lissafinmu. A ce kuɗin kariyar 30,000 ne a shekara. In takardarka mai mayar da mutum ƙasa gaba ɗaya ce, kana biyan 30,000 don tsare 790,000. Wannan da ma'ana. In kuwa mai sauko da hawa biyu ce, abin da kake tsarewa 160,000 ne kacal. Shekara biyar kana biya, ka kashe 150,000, kusan daidai da abin da kake gudun rasawa. A nan ni ba zan saya ba. In kuma tun asali a kashi 5 kake, ba tare da wani hawa ba, babu abin da za ka kare. Kada a sayar maka da makullin ɗakin da ba komai a ciki.

Kariya ta biyu ita ce wadda ke hannunka. Ka ware ɗan kuɗi a gefe don ƙananan gyare-gyare, irin su madubi, fitila da fenti. Ka kuma tambaya ko canza gilashin gaba yana taɓa rangwame, domin wasu takardun sun ware shi daban.

Na san da yawa a Zamfara za su ce su takaful suke so, wato inshorar da aka gina bisa tsarin Musulunci. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A can mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon juna. In an biya waɗanda tsautsayi ya faɗa wa, aka cire ɗawainiya, aka samu rara, ana iya raba ta, kuma yawanci waɗanda ba su nemi diyya ba ne ke samu. Kada a haɗa wannan da rangwame. Rangwame tun farkon shekara ake cire maka, kuma ya dogara da tarihinka kai kaɗai. Rara kuwa sai ƙarshe, kuma ta dogara da yadda shekarar ta kasance wa kowa da kowa. Kana iya yin shekara lafiya, amma in asusu ya sha biyan diyya, ba abin da za a raba. Mai takaful sai ya tambayi biyun: akwai ragi a gudummawar baɗi? Kuma wa ke shiga rabon rara?

Jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Ga aikin da zan bar muku. Mai cikakkiyar inshora, Alhaji ko Hajiya, a ciro takardar nan daga mota yau. A nemo inda aka rubuta NCD. In ba a gane ba, a kira ejan ko ofishin kamfani a yi tambaya uku. A wane hawa nake yanzu? In na nemi diyya sau ɗaya, ina zan koma? Kuma kashi nawa na darajar motata nake biya bayan ragi? A ce su ba da amsar a rubuce, kafin ranar sabuntawa ta zo.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare mu da tsautsayi.